Darasi na Goma Sha Ɗaya: Haɗa Wayar Hannu da Na'urar Ji, da Abin da Ya Raba Ta da Iyafis

Duk wanda ya san ƙasar Maska da kewayenta, tun daga Funtuwa har Bakori da Malumfashi, ya san cewa rabin cinikin hatsi a yau a waya ake ƙulla shi, domin kafin buhun masara ya bar rumbu ya nufi kasuwar Dandume, an riga an buga wa dillali an ji farashi, an buga wa mai mota an yi jinga, an kuma buga wa ɗan'uwa da ke Zariya ko Kano an ji yadda kasuwar can ta tashi. To, a cikin masu wannan hidima akwai dattawa da yawa waɗanda jinsu ya ragu, wasu saboda tsufa, wasu saboda shekarun da suka yi a gindin injin niƙa ko injin casa ko a masaƙa, kuma wasunsu Allah ya hore musu na'urar nan da ake maƙala wa a kunne don ta taimaka wa ji, wadda za mu riƙa ce mata na'urar ji a cikin wannan darasi. Mas'alar da za mu duba ita ce yadda ake sa muryar mai kira, ko karatu, ko waƙa, ta fito daga waya ta shiga cikin wannan na'ura kai tsaye ba tare da igiya ba, da dalilin da ya sa haɗin yakan gagari mutumin da ya iya haɗa iyafis ko da idonsa a rufe.

Sai mu fara da fa'idar abin, don kada a ɗauka ado ne. Kurumtar tsufa da ta ƙarar inji ba ta rage sauti duka daidai wa daida, galibi sautuka masu siriri take fara ɗaukewa, irin su "s" da "sh" da "c" da "f" da "ts", ta bar wasula masu kauri suna shiga yadda suka saba. Shi ya sa dattijo zai ce maka yana jin magana amma ba ya rarrabe ta. Ku furta saba'in, ku furta casa'in, ku saurara: wasulansu ɗaya ne sak, baƙaƙen ne kaɗai suka raba su, kuma su ne ainihin abin da kunnen ya rasa. Mutumin da aka ce masa dubu saba'in ya ji dubu casa'in, to, ciniki ya ɓaci, wataƙila ma har da zumunci. Layin waya na yau da kullum ya daɗa wa abin tsanani, domin shi da kansa yana yanke sautukan da suka haura kimanin Haz 3400, wato yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa guda, alhali wani sashe na waɗannan baƙaƙe a sama da nan yake. Idan kuma mai na'urar ya kanga wayar a kunnensa, sau da yawa na'urar takan yi fito, saboda sautin da ta fitar yana bugun jikin wayar ya komo cikin makirufonta. Amma idan aka haɗa su ta iska, murya za ta shiga kunnuwa biyu gaba ɗaya, babu fito, babu tazara tsakanin baki da kunne, kuma an gyara ta bisa ma'aunin jin mai ita.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce bambanci na farko tsakanin na'urar ji da iyafis, kuma ita ce mafi girma. Iyafis yana ba kowane mutum sauti iri ɗaya, idan ka ƙara masa ƙara sai ya ɗaga mai kauri da mai siriri tare, har kai ya yi ciwo magana ba ta fito ba. Ita kuwa na'urar ji, sai an gwada kunnen mutum tukuna, a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibiti irin na koyarwa da ke Shika kusa da Zariya, ko na Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a auna jinsa daga kimanin Haz 250 zuwa 8000, kowane kunne daban, sa'an nan a saita ta da kwamfuta ta ƙara inda ya rasa, ta bar inda yake da lafiya. Abin da ya zo daga waya ma ta cikin wannan saiti yake bi. Saboda haka ƙananan na'urorin nan masu arha da ake tallarsu a kasuwa, waɗanda ba su san komai ba sai ɗaga ƙara, ba su cikin maganarmu, ko da an rubuta musu sunan na'urar ji a kwali.

Tushen wahalar: batir

Hanyar da waya take aika sauti ta iska ita ce bulutut, wanda a fuskar waya ake rubuta shi Bluetooth. Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya fara aikinsa a 1994, a 1998 kuma aka kafa ƙungiyar kamfanonin da ke kula da ƙa'idojinsa. Mutanenmu sun daɗe da saninsa, tun lokacin da ake tura waƙoƙi da wa'azi daga waya zuwa waya a shagon masu caji. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, sunan nan guda ya lulluɓe hanyoyi fiye da ɗaya. Akwai tsohon bulutut, wanda iyafis da sifika da rediyon mota suke amfani da shi, kuma kusan kowace waya mai bulutut ta iya shi, har da ƙananan wayoyi masu madannai. Akwai kuma bulutut mai ƙarancin cin wuta, wanda ya fito a 2010, wanda tun asali ba don sauti aka yi shi ba, an yi shi don ƙananan saƙonni irin na agogon hannu da na'urorin awo.

Me ya hana masu ƙera na'urar ji su ɗauki tsohon su huta? Cin wuta ne. Batirin wayar zamani yakan kai 5000 mAh, kamar yadda kuke gani a jikin kwali. Batirin na'urar ji mai lamba 312, wanda bai kai ƙwayar wake ba, abin da yake ɗauka bai wuce kimanin 170 mAh ba, ƙarfinsa kuma kusan bolt ɗaya da rabi ne kawai. Iyafis ya yi awa huɗu ko biyar ya mutu, mai shi ya mayar da shi cikin akwatinsa ya ci gaba da harkarsa, ba abin da ya rasa sai nishaɗi. Amma na'urar ji dole ta yi aiki tun daga asuba har bayan lisha, domin idan ta mutu da azahar, mai ita ya koma cikin kurumtarsa a tsakiyar mutane. Wannan lalura ce ta tilasta wa kamfanoni neman dabarar tura sauti ta kan bulutut mai ƙarancin cin wuta, kuma da yake babu wata ƙa'ida ɗaya da aka yi ittifaƙi a kanta a lokacin, sai kowa ya ƙago tasa.

Kamfanin Apple ne ya fara, da tsarin da ake rubutawa Made for iPhone, ko MFi a taƙaice, na'ura ta farko da ta shahara da shi kuwa ita ce ReSound LiNX a 2014. Wannan da iPhone da 'yan'uwanta na gidan Apple kaɗai yake aiki. Google ya biyo baya da nasa mai suna ASHA, wanda ya zo tare da Android 10 a 2019. Kamfanin Phonak na ƙasar Suwizalan ya bi ta wata hanya daban, ya yi wa na'urorinsa 'yar ƙwaƙwalwa ta musamman wadda ta iya tsohon bulutut ba tare da ta zuƙe batir nan da nan ba, kamar samfurin Marvel na 2018, shi ya sa irin wannan yake haɗuwa da kusan kowace waya tamkar iyafis. Daga baya ƙungiyar bulutut ta fitar da ƙa'ida ta bai-ɗaya mai suna LE Audio, ta sanar da ita a 2020, ta kammala ta a 2022, sai dai har yanzu sababbin wayoyi da sababbin na'urori ne kaɗai suke da ita. Misalin abin kamar mutum biyu ne da suka haɗu a kasuwar Funtuwa, kowannensu yana da baki da kunne, amma ɗaya Fulatanci kaɗai ya iya, ɗaya kuma Yarabanci: kasancewar an rubuta Bluetooth a kwalin waya da kwalin na'ura ba hujja ba ce cewa za su fahimci juna.

A nan ne ya kamata mutumin ƙasarmu ya buɗe ido, domin yawancin wayoyin da ke hannun jama'a Itel ne da Tecno da Infinix da makamantansu, da kuma masu madannai waɗanda manomi ya fi so saboda suna kwanaki ba caji. Mai madannai ba ta da MFi, ba ta da ASHA. Wayar Android ma, ba don ta kai Android 10 ba ne za a ce lalle tana da ASHA, sai idan kamfanin da ya ƙera ta ya sa mata, kuma masu arha da yawa ba a sa musu ba.

Mas'ala ɗaya, daki-daki

Mu ƙaddara wani dattijo a Maska, manomin masara da waken suya, ɗansa ya kai shi Kaduna an gwada shi, an sa masa na'ura biyu masu rataya a bayan kunne, masu batir 312, a kwalinsu an rubuta MFi da ASHA. Ya dawo gida, jikansa ya karɓi wayarsa ta Android ya kunna bulutut kamar yadda yake yi wa iyafis, ya jira, bai ga komai ba.

Abu na farko, na'urar ji ba ta da madannin haɗi irin na iyafis. Tana shiga halin neman haɗi ne a lokacin da aka kunna ta, na kimanin minti uku a yawancin samfura, daga nan ta rufe ƙofa. Don haka sai a buɗe murfin batir na duka biyun, a ɗan dakata, a rufe, a ajiye su dab da wayar. Na'urori masu caji kuwa a kashe su a kunna, ko a sa su a mazauninsu a ciro. Sa'an nan a shiga `Settings`, a nemi `Connected devices`, a taɓa `Pair new device`, ko kuma a bi ta `Accessibility` a nemi `Hearing devices` ko `Hearing aids`, gwargwadon irin wayar. Da iPhone ce, da ba ta shafin bulutut za a bi ba sam, sai ta `Settings`, `Accessibility`, `Hearing Devices`, kuma mutane da yawa a nan suke ɓata, suna ta lalube a inda abin ba ya nan.

Jikan ya yi haka, suna ya bayyana, ya taɓa, wayar ta nemi izinin haɗi ya ba ta, ya ajiye. Aka buga waya don gwaji, sai dattijo ya ce kunnen dama kaɗai yake ji. Sababin shi ne, a wurin waya iyafis biyu abu guda ne, tana aika sauti ta hanya ɗaya su raba a tsakaninsu. Amma a tsarin ASHA da MFi, waya tana buɗe wa kowane kunne hanyarsa, ta aika wa na dama nasa, na hagu nasa, tana kiyaye su kada ɗaya ya riga ɗaya. Shi ya sa sau da yawa neman izinin yakan fito sau biyu, kuma wanda ya amsa na farko ya yi gaggawar ajiye waya ya bar kunne guda a waje. Maganinsa a taɓa `Forget` a goge abin da aka haɗa, a sake kunna na'urorin biyu tare, a yi haƙuri har izini na biyu ya fito.

To, da a ce sunan ya bayyana, an haɗa, har manhajar kamfanin tana iya ƙara wa na'urar ƙara da ragewa, amma kira da waƙa suna ci gaba da fitowa ta sifikar waya, wannan alama ce ta wata illa daban, kuma ita ce ta fi ruɗa mutane. Manhaja ƙananan saƙonni take aikawa, waɗanda kowace wayar zamani ta iya, sauti kuwa sai da ASHA. Idan an ga haka bayan an sake haɗawa sau ɗaya ko biyu, mafi rinjayen zato wayar ce ba ta da tsarin, kuma kai ta wurin mai gyara a buɗe ta ɓarnar kuɗi ce, domin ba abin da ya lalace. Mafita uku ce. Ko a sauya waya, ko a sayi 'yar na'urar tsakani wadda ake maƙalawa a wuyan riga, irin su Phone Clip+ na ReSound ko ConnectClip na Oticon, wadda take karɓar sauti daga waya da tsohon bulutut ta miƙa wa na'urar ji da nata harshen, kowane kamfani kuma tasa ce kaɗai take aiki da na'urarsa, ko kuma tun farko a zaɓi na'ura mai tsohon bulutut. Ni a ganina, ga mutumin da ba shi da niyyar rabuwa da wayarsa mai madannai, wannan na ƙarshe ya fi dacewa, ko da yake shi ma yana da nasa sha'anin: na'ura ɗaya ce take haɗuwa da waya, galibi ta dama, ita ce take miƙa wa 'yar'uwarta, saboda haka batirinta yakan riga na ɗayar ƙarewa, kuma wannan ba aibi ba ne.

Mu koma ga dattijonmu, a ce wayarsa tana da ASHA kuma kunnuwa biyu sun kama. Ran kasuwa dillali ya kira, murya ta shigo masa tangaran, ya yi murna, ya bar wayar a aljihun 'yar ciki ƙarƙashin babbar riga yana ta bayani, can sai ya ji dillali yana cewa, "Baba, ba na jin ka, ɗaga murya." Ga bambanci na gaba. Iyafis yana kawo murya yana kuma kai taka, domin makirufonsa yana aiki a lokacin kira. ASHA kuwa hanya ce mai zuwa kawai, babu komawa, muryar mai na'urar ta makirufon waya take fita. Wajibi ne ya ciro ta ya riƙe kusa da bakinsa, ko da kuwa ba a kunnensa take ba. A ɓangaren Apple, tun daga 2021 wasu na'urori suna kai murya su kawo idan wayar iPhone 11 ce ko wadda ta biyo bayanta, masu tsohon bulutut kuwa tun asali haka suke. Sai dai kada a ɗauka wannan alheri ne zalla, domin makirufon da ke bayan kunne ya yi nisa da baki, yana kwasar iska da hayaniyar kasuwa, har wanda ake magana da shi ya fi shan wahala.

Inda sauti yake yankewa

Bulutut yana tafiya a kan zangon rediyo na gigahaz 2.4, kuma ruwa yana shanye wannan zango ƙwarai, jikin ɗan Adam kuwa mafi yawansa ruwa ne. Ana cewa yana kai kamar mita goma, amma wannan idan ba abin da ya gitta ne. Eriyar na'urar ji ƙarama ce ainun, ƙarfin da take aiki da shi kuma kaɗan ne, don haka ta fi iyafis saurin yankewa. Abin mamaki, a cikin ɗaki ya fi zama lafiya, domin bango yana mayar da saƙon ya kewayo ya sami kunnen da ke ɗaya gefen. A gona kuwa, fili fetal, babu abin da zai mayar da shi, idan wayar tana aljihun wando na hagu, to, kunnen dama sai ya riƙa tsinkewa, musamman idan mutum ya duƙa yana noma jikinsa ya shiga tsakani. Wanda ya ga abin yana aiki a zaure yana yankewa a gona, kada ya zargi na'ura, ya mayar da wayar aljihun ƙirji.

Sababi na biyu batir ne, kuma ya cancanci a yi masa lissafi. A ƙaddara na'urar dattijon tana cin 1.5 mAh a kowace awa idan tana aikinta na kullum, yana sa ta awa 16 a yini, wato 24 mAh ke nan, batir mai 170 zai kai shi kwana bakwai. Azumi ya zo, yana sauraron tafsiri ta waya awa huɗu kowace rana, a ƙaddara a lokacin nan tana cin 4 mAh a awa. Awa huɗun sun ci 16, sauran awa 12 sun ci 18, jimla 34, batirin da yake mako guda ya koma kwana biyar. Alƙaluman sun bambanta daga samfuri zuwa samfuri, amma haka lissafin yake tafiya, kuma mutumin da sai ya je birni yake samun batir ya kamata ya yi shi kafin ya dawo gida. Waɗannan batura da iska suke aiki, shi ya sa aka liƙe musu 'yar takarda mai launi, rawaya ga lamba 10, ruwan ƙasa ga 312, ruwan lemo ga 13, shuɗiya ga 675. Idan an ɓare takardar a bar batirin ya sha iska kamar minti ɗaya kafin a sa shi, kuma da zarar an ɓare ya fara ƙarewa ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba. Bushewar hunturu tana rage masa kwana. Alamar da za a riƙe ita ce, batirin da ya fara rauni yakan saki haɗin waya tun yana iya ɗaga maganar mutanen da ke kusa, don haka idan kira ya fara tsinkewa a kwana na huɗu ko na biyar alhali wayar tana ƙirji, a fara da sauya batir. A kuma ɓoye su daga yara, sababbi da tsofaffi, domin haɗiye su haɗari ne babba da ke bukatar asibiti nan take.

Waƙa da karatu

Dattijon ya sa aka kunna masa Alhaji Mamman Shata, wanda ya yi zamansa a nan Funtuwa, sai ya ce muryar ta fito fes, amma kalangun ya zama kamar ba shi da ciki, ya fi jin daɗinsa a rediyo. Gaskiya ya faɗa, dalili kuwa biyu ne. Na farko, robar da ke bakin na'urar a cikin kunne, ga mai kurumtar tsufa, galibi mai huji ce, an bar ta haka da gangan don sauti mai kauri na duniya ya shiga da kansa, kuma kada mutum ya ji muryarsa tana amsa-kuwwa a kansa. Ta wannan huji sautin kauri na waƙa yake zurarewa waje. Iyafis kuwa toshe kunne yake, shi ya sa gangarsa take da nauyi. Na biyu, an tsara na'urar don magana, tana danne ƙara mai ƙarfi tana ɗaga mai rauni, ASHA kuma ba ya ɗaukar abin da ya haura kimanin Haz 7000, wanda ya wadatar ga zance da karatu amma ya yi wa kiɗa kaɗan. Ma'aikacin da ya saita na'urar yana iya buɗe mata shiri na musamman don waƙa, ya ƙara kauri a sautin da ke zuwa daga waya, ko ya sauya robar da wadda ta fi toshewa, sai dai wannan yana da farashinsa a wajen jin daɗin sawa. Wanda ya sayi na'urar ji don ta yi masa kiɗa irin na iyafis zai yi da-na-sani, wanda ya saye ta don tafsiri da labarai da kira zai gode.

Ku lura kuma, a lokacin da sauti yake zuwa daga waya, makirufon na'urar ba ya mutuwa, ana dai rage shi ne, domin mutum ya ji sallama ko ƙahon mota. Ana iya daidaita wannan ta manhaja. Mai hawa babur a hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi kada ya kuskura ya kashe shi gaba ɗaya, ya fi ma ya bar sauraron har ya sauka.

Akwai wasu 'yan abubuwa na zaman gida waɗanda takardar kamfani ba ta kawo su, domin waɗanda suka rubuta ta sun ɗauka kowa da wayarsa. Mu kuwa wayar maigida ta gida ce. Yaro ya ɗauka zai kalli fim, ya ce sifika ta mutu, alhali fim ɗin yana can cikin kunnen kakansa a zaure. Uwargida ta amsa kiran 'yarta, ta yi ta "salamu alaikum" ba amsa, maganar kuwa tana zuwa wa maigida, har da abin da ba a so ya ji. Haka kuma kowane saƙo da ya shigo yakan sa na'urar ta juya ga waya na ɗan lokaci ta rage maganar da ake yi a gabansa, mutum yana tsakiyar sauraron huɗuba sai ya ji liman ya yi nisa. Maganin duka ɗaya ne, a koyi kashe bulutut a waya kafin a ba da aronta da kafin a shiga masallaci, a kuma kashe ƙarar saƙonnin da ba su da muhimmanci. Kashe shi ba ya goge haɗin, da an kunna za su sake gane juna.

Game da abin da ke tafe, LE Audio ya zo da wani tsari mai suna Auracast, wanda yake ba na'ura ɗaya damar watsa sauti ga kunnuwa masu yawa ba tare da an haɗa kowa da kowa ba, ta yadda masallaci ko aji zai iya aika muryar mai magana kai tsaye ga duk mai na'urar da ta dace. A ɗaya gefen kuma iyafis yana matsowa, domin a 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince wa AirPods Pro 2 na Apple ya yi aikin taimaka wa ji ga manya masu ƙaramin rauni ko matsakaici, amma batirinsa har yanzu na 'yan awoyi ne, ba na yini ba.

Sharaɗin da nake so kowa ya riƙe, idan zai raka mahaifinsa ko shi kansa zai je a sa masa na'ura, shi ne ya tafi da ainihin wayar da za a riƙa amfani da ita, a haɗa su a gaban ma'aikaci, a buga kira na gaske, a tabbata kunnuwa biyu suna ji kuma wanda aka kira yana ji, a fita waje a sake gwadawa, sa'an nan a biya kuɗi. Kafin zamanmu na gaba, kowane ɗalibi mai wayar Android ya shiga `Settings`, ya nemi `About phone`, ya rubuto lambar Android ɗinsa a littafinsa, ya kuma duba ko akwai `Hearing aids` ko `Hearing devices` a ƙarƙashin `Accessibility`. Masu wayar madannai su zo da ita, da wanda yake da na'urar ji a gida idan mai ita ya yarda, za mu gwada haɗawa a aji.